Gudun dutse a cikar sakan uku: abin da limit da deribatif suke nufi

A makonnin farko na darasin kalkulas a ajin farko na jami'a, akwai shafin da kusan kowane malami yake haskawa a allo da majigi. Layi ɗaya ne a kansa:

f′(a) = lim (h→0) [f(a + h) − f(a)] / h

Wannan layi shi ne ma'anar abin da ake kira deribatif. Sau da yawa ba ya daɗewa a allo. Ɗalibai su ɗauki hotonsa da waya, malami ya danna, shafi na gaba ya fito da dokokin da ake haddacewa: deribatif na x² shi ne 2x, na x³ shi ne 3x². Da waɗannan dokoki ana iya cin jarrabawa ba tare da an sake waiwayar layin farko ba. Amma a cikin layin nan akwai wani ƙulli. Ana raba lissafi da h, kuma doka ta hana rabawa da sifili, ga shi kuma kibiyar da ke gefen lim tana tura h zuwa sifili. Masana lissafi sun yi fiye da shekara ɗari da hamsin suna aiki da kalkulas kafin su kwance wannan ƙulli yadda ya kamata, don haka ba abin mamaki ba ne idan bai kwance wa ɗalibi cikin minti biyu ba.

Tambayar da ta haifi layin

A ƙaddara an saki dutse a bakin rijiya mai zurfin mita 80. Galileo ya nuna, a littafinsa na 1638, cewa nisan da abu mai faɗuwa yake ci yana tafiya ne da lokaci sau kansa. Idan t shi ne yawan sakan da suka wuce, nisan a mita kusan 4.9t² ne, matuƙar an kawar da kai daga turjiyar iska. Don sauƙin lissafi a nan za a ɗauke shi a matsayin 5t². Bayan sakan ɗaya dutsen ya faɗi mita 5, bayan sakan biyu mita 20, bayan uku mita 45, a cikar sakan huɗu kuma ya taɓa ruwa.

Irin wannan ƙa'ida, wadda ake ba ta lamba ɗaya ta mayar da wata, ita ake kira fankshan, kuma ita ce harafin f yake wakilta a shafin majigi. A nan f(3) yana nufin mita 45.

Matsakaicin gudun dutsen ba ya ba da wahala. Ya ci mita 80 cikin sakan 4, wato mita 20 a kowane sakan. Haka direba yake lissafi idan ya ci kilomita 240 cikin awa uku, ya ce tamanin ya yi ta yi, alhali ya tsaya a shingen bincike, ya kuma taka ɗari da ashirin inda hanya ta miƙe. Matsakaici yana haɗiye duk wannan. Allurar da ke gaban direba kuwa wani abu daban take faɗa, gudun motar a wannan lokaci da ake kallonta. Tambayar kalkulas ke nan: a daidai cikar sakan 3, da wane gudu dutsen yake tafiya?

Gudu shi ne nisa a raba da lokaci. A daidai cikar sakan 3 babu lokacin da ya wuce, babu nisan da aka ci. Sifili a raba da sifili, kuma wannan ba lamba ba ce. Duk da haka ba wanda zai ce dutsen a tsaye yake.

Dabarar ita ce a bar tambayar kai tsaye, a kewayo ta bayan gida. A auna matsakaicin gudu daga sakan 3 zuwa wani lokaci kusa da shi, sannan a yi ta rage tazarar. Daga sakan 3 zuwa 4 dutsen ya ci mita 35, matsakaici 35. Daga 3 zuwa 3.1 ya tashi daga mita 45 zuwa 48.05, wato mita 3.05 cikin kashi ɗaya bisa goma na sakan, matsakaici 30.5. Daga 3 zuwa 3.01 matsakaicin 30.05 ne, daga 3 zuwa 3.001 kuma 30.005. Idan aka taho ta ɗaya ɓangaren, daga 2.9 zuwa 3 ana samun 29.5, daga 2.99 zuwa 3 ana samun 29.95. Lambobin sama suna gangarowa, na ƙasa suna hawowa, duka sun doshi 30.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan matsakaita da ya zama 30 cif, kuma babu wanda zai zama, komai ƙanƙantar tazarar. Amma babu wata lamba ban da 30 da suke taruwa a kanta. Wannan lamba da aka dosa ita ce limit. Gudun dutsen a cikar sakan 3 shi ne mita 30 a sakan, wato kilomita 108 a awa.

Yanzu ana iya karanta layin majigi da baki. Harafin a shi ne lokacin da ake tambaya a kai, 3. Harafin h shi ne tazarar da aka ƙara. Abin da ke sama, f(a + h) − f(a), nisan da aka ci ne a cikin tazarar. Rabawa da h tana ba da matsakaicin gudu. Kalmar lim da kibiyarta suna cewa a duba inda matsakaicin ya dosa yayin da tazarar take tsukewa.

Inda ake soke h

Jerin lambobi yana sa a yi zato, aljabara ce take tabbatarwa. A sa 3 + h a madadin t:

5(3 + h)² = 45 + 30h + 5h²

A cire 45, saura 30h + 5h². A raba da h, a samu 30 + 5h. Duk lambobin da aka lissafo a sama suna cikin wannan ɗan gajeren bayani: idan h ɗaya ne 35, idan 0.1 ne 30.5, idan −0.1 ne 29.5.

A shafin majigi matakan nan sukan fito a jere, kowanne da lim a gabansa, sai a layin ƙarshe lim ya ɓace, 30 ta bayyana. Ɗalibi mai lura yakan ji kamar an yi masa rufa-ido. A layi na uku an raba da h, wanda ke nufin h ba sifili ba ne. A layi na huɗu an jefar da 5h kamar h sifili ne. To wanne ne gaskiya?

Wannan ƙorafi tsoho ne. Newton ya gano hanyarsa a shekarun 1665 da 1666, lokacin da annoba ta sa aka rufe jami'ar Cambridge, Leibniz kuma ya buga tasa a 1684. Dukansu sun yi amfani da wasu ƙananan adadi da ake rabawa da su a farko, a watsar da su a ƙarshe. A 1734 George Berkeley, wani bishop a ƙasar Ireland, ya buga ɗan littafi mai suna The Analyst, inda ya kama masana lissafi da wannan baki biyu, har ya kwatanta ƙananan adadin nan da fatalwar abin da ya riga ya mutu. Amsoshin kalkulas suna fitowa daidai, ana lissafin tafiyar taurari da su, amma hujjar tana ɗingishi, kuma Berkeley yana da gaskiya a kan haka.

Amsar da aka samu daga baya ita ce h ba ya taɓa zama sifili a ko'ina cikin lissafin. Layuka na farko suna maganar matsakaicin gudu a tazarar da ba sifili ba, don haka rabawar halal ce. Layin ƙarshe ba ya cewa a mai da h sifili. Sabuwar tambaya yake yi: wace lamba ce 30 + 5h take kusanta idan h ya ƙanƙance? Shi ya sa rubuta lim a gaban kowane layi ba ado ba ne. Wanda ya rubuta cewa 30 + 5h daidai yake da 30 ya faɗi abin da ba haka ba. Wanda ya rubuta cewa limit ɗinsa 30 ne ya faɗi gaskiya. Malamai sukan rage maki a kan wannan, ɗalibai su ɗauka tsanani ne kawai, alhali ma'anar duka a nan ta rataya.

Abin da kusanta take nufi

Ana yawan fassara limit da iyaka, kuma fassarar tana ɓatarwa, domin iyaka wuri ne da ba a tsallakawa. A lissafi ana iya isa limit, ana iya wuce shi a dawo. Lilon da aka tura aka bari yana wuce tsakiya sau da yawa, ta nan da ta can, kuma tsakiyar ce dai inda ya dosa. Cewa kuma "yana ƙara kusantowa" bai isa ba. Lambobin 35, 30.5, 30.05 suna ƙara kusantar 29 ma, tunda kowacce ta fi ta gabanta kusa da 29, sai dai ba za su taɓa rage ratar da ke tsakaninsu da 29 ta gaza ɗaya ba.

Ma'anar da ta tsaya da ƙafarta ta zo a hankali. Bernard Bolzano ya kama hanyarta a birnin Prague a 1817. Augustin-Louis Cauchy ya gina darasinsa a kan limit a littafinsa na 1821, wanda ya rubuta domin ɗaliban makarantar École Polytechnique da ke Paris. Karl Weierstrass ya ba ta surar da ake koyarwa yau a laccocinsa na Berlin, a wajajen shekarun 1860. Ita ce take fitowa a shafin nan mai haruffan Girka biyu, ε da δ, da ake karantawa efsilon da delta, shafin da ɗalibai da yawa suke tsallakewa da addu'ar kada ya fito a jarrabawa.

Abin da ke cikinsa ciniki ne tsakanin mutum biyu. Na farko ya ce limit ɗin 30 ne. Na biyu mai shakka ne, sai ya gindaya sharaɗi: yana son matsakaicin gudu kada ya kauce wa 30 da abin da ya kai 0.1. Wannan sharaɗi shi ne ε. Na farko ya duba, kaucewar 5h ce, kuma za ta gaza 0.1 matuƙar girman h bai kai 0.02 ba. Wannan amsa ita ce δ. Mai shakka ya tsananta, ya ce 0.001. Na farko ya ce a riƙe h ƙasa da 0.0002. Kowane sharaɗi aka kawo, a raba shi da biyar an sami amsa. Tunda babu sharaɗin da zai gagara, 30 ita ce limit. Wanda ya yi da'awar 29 kuwa zai faɗi da zarar an nemi kaucewar ta gaza 0.5, domin duk ƙaramin h yana ba da lamba da ke kusa da 30.

Abu biyu ne abin lura a wannan ciniki. Mai shakka ne yake fara magana, amsa tana biyo baya, kuma juya wannan tsari shi ne kuskuren da aka fi yi wajen rubuta hujjar. Sannan babu inda aka ambaci wani adadi mai ƙanƙantar da ta wuce misali. Lambobi ne na yau da kullum, 0.1 da 0.02. Da haka aka sallami fatalwar Berkeley.

A ma'anar akwai ɗan sharaɗin da ido yake wucewa, 0 < |h| < δ. Sifilin da ke hagu yana cewa ba a tambayar abin da ke faruwa a daidai wurin. Limit labarin maƙwabta ne, ba na mai gida ba. Misalin da aka fi haskawa shi ne (x² − 9)/(x − 3). A x = 3 ba shi da ƙima, sifili bisa sifili ne. A ko'ina ban da nan daidai yake da x + 3, don haka limit ɗinsa a 3 shi ne 6. Zanensa miƙaƙƙen layi ne mai huji ɗaya, wanda ake nunawa da ɗan da'ira marar ciki. Kowane deribatif irin wannan huji ne: matsakaicin gudu ba shi da ƙima a h = 0, limit ne yake faɗin lambar da ta dace da hujin.

Daga nan ake gane abin da ya sa sifili bisa sifili ba amsa ba ce, alama ce cewa da sauran aiki. Yayin da x ya doshi sifili, x²/x ya doshi sifili, 5x/x yana nan a kan 5, shi kuwa x/x³ girma yake yi ba tsayawa. Dukansu ukun sifili bisa sifili ne idan aka cusa x = 0. Abin da ya bambanta su shi ne wanda ya fi saurin ƙanƙancewa tsakanin na sama da na ƙasa.

Inda jerin lambobi yake yaudara

Tebur na lambobi, irin wanda aka yi wa dutsen, yana da daɗin nunawa a allo, amma ba hujja ba ne. A gwada sin(π/x) a x = 0.1, da 0.01, da 0.001. Kowanne sifili yake bayarwa, har mutum ya rantse limit ɗin sifili ne. Amma a x = 2/401, wanda bai kai 0.005 ba, ƙimar 1 ce. Fankshan ɗin yana kai-kawo tsakanin 1 da −1, yana ƙara sauri yayin da ake kusantar sifili, bai doshi ko'ina ba. Lambobin da aka zaɓa ne suka faɗa a wuraren da yake ratsa sifili.

Kalkuleta ma tana da tata yaudarar. Lambobi kaɗan take iya riƙewa, galibi ba su wuce goma sha biyar ko sha shida ba. Idan aka ba ta h = 0.0000000000000001, za ta ajiye 3 + h a matsayin 3 kawai, abin da ke sama ya zama sifili, ta ce gudun dutsen sifili ne. Alamar wannan ciwo ita ce lambobi su yi ta taruwa a wuri ɗaya, sai kwatsam su watse ko su faɗi sifili. Haka nan limit ɗin nan da ya shahara, na (sin x)/x da ya doshi 1, yana aiki ne idan ana auna kusurwa da radiyan. Kalkuletar da aka bari a kan digiri za ta nuna kusan 0.01745, ɗalibi ya yi ta neman kuskure a inda babu shi.

Zanen layi mai juyawa

Kusan kowane jerin shafukan kalkulas yana da zane mai motsi: lanƙwasasshen layi, ɗigo biyu a kansa, da miƙaƙƙen layi da ya ratsa su. Ɗigo na biyu yana zamewa zuwa na farko, miƙaƙƙen layin yana juyawa a hankali har ya kwanta a jikin lanƙwasar. Lissafin dutsen ne aka zana. Idan lokaci yana kwance, nisa yana tsaye, to karkatar layin da ya haɗa ɗigo (3, 45) da (4, 80) ita ce hawa 35 a tafiya ɗaya, wato matsakaicin gudu. Layin da aka dosa, mai karkata 30, shi ake kira tanjan.

A sakandare akan ce tanjan layi ne da ya taɓa lanƙwasa a wuri ɗaya tak. Ga da'ira wannan daidai ne, amma ba ga kowace lanƙwasa ba. Tanjan na y = x³ a x = 0 yana ratsa lanƙwasar ya fita ta ɗaya gefen, tanjan ɗinta a x = 1 kuma yana sake haɗuwa da ita a x = −2. Abin da ya sa layi ya zama tanjan shi ne kamanni. Idan aka yi ta faɗaɗa zanen a kusa da ɗigon, kamar yadda ake buɗa hoto da yatsu biyu a waya, lanƙwasar tana miƙewa har a kasa bambanta ta da wani miƙaƙƙen layi. Ƙasa ma haka take: dunƙulalliya ce, amma filin ƙwallo a shimfiɗe yake.

Wannan fahimta ita ce mafi amfani, domin tana mai da deribatif abin hasashe. A cikar sakan 3 dutsen yana mita 45, gudunsa 30. Ina zai kasance bayan ƙarin sakan 0.05? Idan aka ɗauka gudun bai sauya ba, 30 sau 0.05 mita 1.5 ne, hasashe 46.5. Ainihin amsar 46.5125 ce. Kuskuren, 0.0125, shi ne 5h² ɗin nan. Idan aka rage tazarar sau goma, kuskuren yana raguwa sau ɗari. Ke nan a lissafin 45 + 30h + 5h² akwai kashi uku: inda ake, sauyin da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da h, da ragowar da take ƙanƙancewa fiye da h nesa ba kusa ba. Deribatif shi ne lambar da ke manne da h a kashi na tsakiya. Amma hasashen na kusa ne kawai. Idan aka miƙa shi zuwa sakan guda cur, zai ce mita 75, alhali dutsen ya kai 80.

Dokar x² da 2x ma tana da hoto irin wannan. A ɗauki fili murabba'i, mita 10 kowane gefe, faɗinsa murabba'in mita 100. A ƙara rabin mita a gefen gabas da gefen kudu. Abin da ya ƙaru zirin ƙasa biyu ne, kowanne 10 sau rabi, da ɗan lungu a kusurwa, rabi sau rabi. Zirin biyu sun ba da 10, lungun 0.25. Zirin biyun nan su ne 2 ɗin da ke cikin 2x, lungun kuma shi ne h² da yake ɓacewa a limit. Wanda ya ga wannan hoto sau ɗaya ya san daga inda dokar ta fito.

Lamba ce ko fankshan, kuma da wane ma'auni

Babu abin da ya keɓanci sakan 3. Idan aka maimaita lissafin da kowane t, matsakaicin gudu yana fitowa 10t + 5h, limit ɗinsa 10t. A sakan ɗaya gudun 10 ne, a sakan huɗu, lokacin da dutsen ya bugi ruwa, 40. Don haka kalmar deribatif tana ɗauke da abu biyu da shafukan majigi suke cakuɗawa: f′(3) lamba ce, 30, shi kuwa f′(t) fankshan ne, 10t. Ana iya sake ɗaukar deribatif na 10t, a sami 10. Wannan yana cewa gudun yana ƙaruwa da mita 10 a sakan cikin kowane sakan, kuma shi ne jan ƙasa, wanda ainihin awonsa kusan 9.8 ne.

Ma'auni yana fallasa kuskure da wuri. Tunda deribatif limit ne na rabawa, ma'auninsa shi ne na sama bisa na ƙasa: mita a sakan, naira a kowane buhu, lita a minti. Idan C(q) kuɗin sarrafa buhu q ne na shinkafa, kuma C′(200) ya zama 500, ba ana nufin buhu ɗari biyu sun ci naira 500 ba. Ana nufin a wannan mataki ƙarin buhu ɗaya zai ƙara kusan naira 500. Girman fankshan da girman deribatif ɗinsa ba su da tilas su tafi tare. Tanki yana iya zama cike taf alhali ba ɗigon da ke shiga ko fita, ƙimar babba, deribatif sifili. Deribatif mai alamar ragi kuma yana nufin abin raguwa yake yi, ba wai ya gaza sifili ba.

Rubutu iri uku ɗalibi zai tarar, wani lokaci a shafi ɗaya. Na Leibniz shi ne dy/dx, mai tuna wa mai karatu cewa asalin abin rabawa ce. Ɗan karan da ke f′ Joseph-Louis Lagrange ne ya yaɗa shi a ƙarshen ƙarni na 18. Ɗigon da ake sawa a saman harafi na Newton ne, kuma a darasin fiziks aka fi ganinsa. A ajin farko ana ɗaukar dy/dx alama guda ce, sunan limit, ba lambobi biyu da aka raba ba, ko da yake Leibniz ya tsara ta yadda a dokoki da dama take aiki kamar rabawar gaske.

Inda deribatif ba ya samuwa

Tunda deribatif limit ne, duk inda limit ya gagara shi ma ya gagara. Misali mafi sauƙi shi ne |x|, wato girman lamba ba tare da alamarta ba, wanda zanensa yake kamar harafin V. A x = 0, idan aka taho ta dama matsakaicin karkata 1 ne kullum, ta hagu kuma −1. Ɓangarorin biyu ba su haɗu ba, babu limit, babu deribatif. Komai faɗaɗa zanen da aka yi, tsinin yana nan, ba ya miƙewa. Shi ya sa a lissafin dutsen aka duba 2.9 da 2.99, ba 3.1 da 3.01 kaɗai ba.

Inda zane ya tsinke ya yi tsalle, kamar kuɗin da ake caja minti-minti, nan ma babu deribatif, domin abin da ke sama ba ya dosar sifili yayin da h yake dosarsa. Daga nan doka ta fito cewa duk inda deribatif yake, zanen a haɗe yake. Akasin haka bai zama dole ba, harafin V ya isa shaida. Akwai kuma hali na uku, inda tanjan yake miƙewa tsaye ƙyam, kamar zanen ∛x a sifili, karkatar ta yi ta girma ba lambar da za ta tsaya a kai.

An daɗe ana zaton zanen da ke haɗe ba zai rasa deribatif ba sai a ɗaiɗaikun wurare masu tsini. A 1872 Weierstrass ya gabatar wa cibiyar masana kimiyya ta Berlin fankshan da zanensa bai tsinke a ko'ina ba, amma ba shi da deribatif ko a ɗigo ɗaya. Ya gina shi ne ta hanyar tara igiyoyin kosain marasa adadi, kowacce ta fi ta gabanta gajarta, ta kuma fi ta saurin kai-kawo ninkin-ba-ninki. Duk inda aka faɗaɗa, sababbin ƙunƙumai ne suke bayyana a maimakon miƙaƙƙen layi. Ba a iya zana shi cikakke a allo, ta hanyar ma'anar ε da δ ake tabbatar da halinsa.